Firintar rasit ta 58mm ko ta 80mm: wacce ta dace da ƙaramin shago a cikin birnin Kano?

Masu shaguna da dama a cikin ganuwa, daga Kasuwar Kurmi zuwa Rimi da Ƙofar Wambai, sun koma rubuta cinikinsu a manhajar waya maimakon littafi. Da zarar mutum ya saba da hakan, abin da yake nema na gaba shi ne firintar rasit, domin kwastoma ya tafi da takardar abin da ya saya. Sayen kuwa yakan fara ne daga WhatsApp. Mai shago ya tambayi wani dillali a Farm Centre ko Beirut Road, ko ya leƙa Jumia da Jiji, sai ya tashi da hotunan talla guda biyu da aka ɗauko daga allon waya, kowanne cike da lambobi. Yawancin mutane farashi kawai suke dubawa, ko kuma su zaɓi wadda lambobinta suka fi girma. Duk hanyoyin biyu suna iya jefa mutum cikin asara, domin akwai firintar da za a biya kuɗi mai yawa a kanta, a kawo ta shago, ta kasa fitar da rasit ko ɗaya saboda babu wuta ko kuma ba ta haɗuwa da waya.

Firintoci biyu da suke wakiltar manyan rukunan da ake samu a kasuwa su ne Goojprt PT-210, ƙarama mai batir, da Epson TM-T20III, babba ta ajiyewa a kan kanta. Ga irin abin da hoton farko yake nunawa:

```
Goojprt PT-210
Paper width: 58mm
Resolution: 203 dpi, 384 dots/line
Interface: Bluetooth + USB
Battery: 1500mAh
Roll diameter: 40mm
Command: ESC/POS
```

Ga kuma na biyu:

```
Epson TM-T20III
Paper width: 80mm
Resolution: 203 dpi
Speed: 250 mm/s
Interface: USB + Serial
Auto cutter: yes
Power: 24V
```

A fara da shagon kafin a duba hoton

Lambobin nan ba su da ma'ana sai an ɗora su a kan wani shago na zahiri. A ɗauki misalin shagon kayan masarufi a Mandawari. Mai shi yana da wayar Android guda ɗaya wadda yake rubuta ciniki a ciki, ba shi da kwamfuta. Kantarsa ba ta da faɗi, sikeli da kwalaben alawa sun riga sun cinye rabinta. Wutar KEDCO tana zuwa tana tafiya, kuma abin da yake da shi na sola ɗan ƙarami ne, na kunna ƙwai da cajin waya. A rana yakan ba da rasit kamar 40, yawancinsu na kaya biyar ko shida. Akwai kuma maƙwabta da yake bai wa bashi zuwa ƙarshen wata. Da wannan shago za a auna kowane layi na hotunan biyu.

Layin da ya zo iri ɗaya, a tsallake shi

Hotunan biyu duka sun rubuta `203 dpi`. Ma'anarsa ita ce kan firintar yana buga ɗigo takwas a kowace milimita. Kusan duk firintocin rasit haka suke, saboda haka wannan layi ba zai raba gardama ba. Haka nan dukkansu suna aiki ne da zafi. Ba a zuba musu tawada. Takardar ce aka shafa wa wani sinadari da yake yin baƙi idan kan firintar ya ɗumama shi. Idan dillali ya rubuta cewa firintarsa ba ta buƙatar tawada kamar wani abu ne na musamman, gaskiya ya faɗa, amma ɗayar ma haka take.

`ESC/POS` kuwa harshen umarni ne da kamfanin Epson ya ƙirƙiro, wanda manhajar ciniki take amfani da shi wajen gaya wa firinta ta rubuta, ta ƙara girman harafi ko ta yanke takarda. Firintar Epson tana jin sa tun daga tushe, ko da hoton bai rubuta ba. Ƙananan firintocin China suna kwaikwayonsa ne, kuma yawanci suna jin abin da rasit na yau da kullum yake buƙata.

Faɗin takarda: harafi 32 ko 48

Bambancin farko na gaske yana layin `Paper width`. Takarda mai faɗin milimita 58 ba dukkanta ake rubutu a kai ba. Milimita 48 ne kawai, wato ɗigo 384 da aka rubuta a hoton. Harafi ɗaya na rubutun da firinta take fitarwa yana cin ɗigo 12, don haka layi ɗaya yana ɗaukar harafi 32. A takarda mai milimita 80, wurin rubutu milimita 72 ne, ɗigo 576, wato harafi 48 a layi.

Ga yadda harafi 32 yake a aikace. Layin sama ma'auni ne kawai, farashin kuma na misali ne:

```
12345678901234567890123456789012
Sukari kwali      x2      N3,000
Taliya            x5      N4,500
```

Bayan an ware wurin adadi da na kuɗi, abin da ya rage wa sunan kaya bai wuce harafi 17 ko 18 ba. Sukari, taliya, sabulu da madara duk sun shiga. Amma suna kamar "Man gyaɗa jarka lita biyar" harafi 26 ne, dole ya karye ya sauko layi na biyu, ko manhaja ta datse shi. Ga shagon Mandawari wannan ba damuwa ba ce, mai shi zai iya taƙaita sunayen kayansa sau ɗaya a cikin manhaja, shi ke nan. Ga mai sayar da magani ko ɗan sari a Kantin Kwari, wanda yake son sunan kaya da adadi da farashin ɗaya da jimilla duk su zauna a layi guda, kuma kuɗin yana kai wa miliyan, harafi 32 ya yi kaɗan. Rasit ɗin zai ninka tsawo, ya yi wuyar karantawa.

Sauri: babbar lamba mai ƙaramin amfani

Lambar da ta fi jan ido a hoto na biyu ita ce `250 mm/s`, wato tana fitar da santimita 25 na takarda a daƙiƙa ɗaya. Ƙananan firintoci masu batir irin PT-210 ba sa wuce milimita 90 a daƙiƙa ko a rubuce, a aikace kuma sukan gaza haka, musamman idan caji ya yi ƙasa. A ido wannan bambanci ne mai yawa, kusan ninki uku ko fiye.

Sai dai a yi lissafi da rasit na gaske. Rasit mai sunan shago da kaya shida da jimilla da godiya a ƙasa bai fi santimita 12 ba. Babbar firinta za ta fitar da shi cikin rabin daƙiƙa. Ƙaramar, ko da an ce milimita 60 kawai take yi a daƙiƙa, za ta gama cikin daƙiƙa biyu. A rasit 40, duk abin da babbar ta ceto wa mai shago a yini minti ɗaya ne. Kafin ya ɗaure leda ya ƙirga canji, takardar ta riga ta fito. Sauri yana zama abin dubawa ne a wurin da layi yake tsayawa a gaban mai karɓar kuɗi, kamar babban kanti ko gidan abinci da tsakar rana.

Haka batun `Auto cutter` yake. Epson tana da wuƙar da take yanke takarda da kanta, kuma kamfanin ya ƙiyasta mata yanka miliyan ɗaya da rabi. PT-210 ba ta da ita, da hannu ake yage takardar a jikin haƙoran da ke bakinta. Yagewa sau 40 a rana ba aiki ba ne. Sau 400 kuwa ya zama aiki.

Wuta: layin da ya fi kowanne nauyi

Hoto na biyu ya rubuta `Power: 24V`, kuma babu layin batir ko kaɗan. A karatun hoton talla, abin da ba a rubuta ba yakan fi wanda aka rubuta muhimmanci. TM-T20III ba ta da batir. Tana aiki ne da adaftar da ake jonawa a soket, tana mayar da wutar gida zuwa bolt 24. Da zarar an ɗauke wuta, firintar ta tsaya a nan take. Ƙaramin sola mai fitar da bolt 12 da ramin cajin waya ba zai kunna ta ba, fawa-bank na waya ma haka. Sai an samu inbata ko janareto. Ke nan ga shagon da ba shi da su, farashin da aka rubuta a hoton ba shi ne ainihin kuɗin da za a kashe ba, sai an ƙara da kuɗin abin da zai ba ta wuta.

PT-210 tana ɗauke da batirinta. Firinta mai aiki da zafi tana jan wuta sosai ne a 'yan daƙiƙun da take bugawa kawai, sauran lokaci tana jira ne. Rasit 40 masu daƙiƙa biyu-biyu ba su kai minti biyu na aiki ba a yini, don haka abin da ya fi cin cajin shi ne barinta a kunne tun safe har dare. Wanda yake kashe ta idan kasuwa ta lafa zai ga cajin yana daɗewa.

Akwai abu ɗaya da hoton farko ya bari a buɗe. Ya ba da `1500mAh` amma bai faɗi bolt ɗin batirin ba, bai kuma faɗi irin cajar ba. Lambar `mAh` ita kaɗai ba ta nuna yawan ƙarfin da batir ya tara. Batir mai `1500mAh` a `7.4V` ya ninka mai `1500mAh` a `3.7V`. Ƙananan firintocin nan kuma suna zuwa kala-kala: wasu ana yi musu caji da igiyar USB kamar waya, wasu kuma suna da tasu caja mai zagayen baki. Ga mai ƙaramin sola, wadda take karɓar caji ta USB ita ce mai amfani. Kafin a tura kuɗi, a nemi dillali ya ɗauko hoton takardar da aka manna a ƙasan firintar ko a jikin batir, domin a nan ne ainihin lambobin suke.

Yadda za ta haɗu da waya

Layin `Interface` shi ne na biyu wajen nauyi. Hoton farko ya ce `Bluetooth + USB`. Wayar Android za ta gan ta a jerin na'urorin Bluetooth, a saka lambar haɗawa, wadda galibi `0000` ce ko `1234`, sannan a zaɓe ta a cikin manhajar ciniki. Hoto na biyu ya ce `USB + Serial`. Babu Bluetooth a ciki. An yi ta ne domin kwamfuta ko babbar na'urar ciniki ta kan kanta. Ana iya jona ta da wayar Android ta igiyar OTG idan manhajar ta yarda da hakan, amma wayar za ta zama a ɗaure a kan kanta, kuma ramin cajinta a toshe.

A nan akwai tarkon da hoton allo yake ɓoyewa. Suna ɗaya yakan ƙunshi samfuri fiye da ɗaya. TM-T20III tana da mai USB da Serial, tana kuma da mai Ethernet, wadda ake jonawa da igiya a jikin rauta. A shafin talla, zaɓin samfuri yakan kasance a ƙasa, kuma farashin da yake bayyana a sama sau da yawa na mafi araha ne. Idan an yanke hoton a sama da wurin, mai saye zai ga sunan da yake so da farashin wani samfurin. Hoton kuma ba ya nuna ranar da aka ɗauke shi, alhali farashin kayan waje yana bin canjin dala. Ba ya kuma nuna ko sabuwa ce ko ta hannu. Idan aka ga Epson da araha ƙwarai, tambaya ta farko ita ce ko an taɓa amfani da ita, kuma ko adaftarta ta asali tana ciki.

Manhajar ma sai an duba. Wasu manhajojin ciniki, irin su Loyverse, suna da jerin firintocin da suka gwada. Akwai kuma RawBT, manhajar Android da take shiga tsakanin waya da firinta idan manhajar ciniki ba ta iya turawa kai tsaye. Mai iPhone ya ƙara yin hattara, domin ba kowace firinta mai Bluetooth take aiki da kowace manhajar iPhone ba, ko da tallan ya ce tana yi.

Takarda: kuɗin da ba ya ƙarewa

Firinta sau ɗaya ake saye, takarda kuwa kullum ce. `Roll diameter: 40mm` yana nufin cikin PT-210 ba ya ɗaukar naɗin da kaurinsa ya wuce milimita 40. Wannan shi ne naɗin da ake rubuta wa `57x40`, irin wanda yawancin na'urorin POS suke amfani da shi. Ganin yadda masu POS suka cika unguwanni da kasuwanni, ba sai mai shago ya fita waje da ganuwa neman takarda ba. Idan aka saya masa `57x50` bisa kuskure, faɗin ya yi daidai amma murfin ba zai rufu ba.

Tsawon takardar ya danganta da kaurinta da girman kwalin da ke tsakiya. Bisa lissafi, cikakken naɗin `57x40` bai wuce mita 19 ba, na kasuwa kuma yakan gaza haka. Shagon misalin nan yana cin kusan mita biyar a rana, wato naɗi ɗaya zai yi masa kwana uku zuwa huɗu. Naɗin `80x80` na babbar firinta yana kai wa kusan mita 80, zai yi mako biyu ko fiye kafin a canza. Amma ya fi tsada, kuma ba a kowane lungu ake samunsa ba.

Akwai iyakar da firintocin biyu suka yi tarayya a kai, kuma ta shafi bashi. Rubutun takarda mai aiki da zafi ba ya dawwama. Hasken rana yana koɗar da shi, zafi yana baƙanta takardar, maiƙo kuma yana goge shi. A Kano, inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, rasit da aka bari a ƙarƙashin kwano ko a aljihun babur zai iya lalacewa tun kafin ranar biya ta zo. Don haka kada rasit ya zama shi kaɗai ne shaidar bashi. Asalin lissafin ya zauna a manhaja ko a littafi. Naɗin da ba a fara amfani da shi ba ma a ajiye shi a inuwa, nesa da rufin kwano.

Alamar naira da haruffan Hausa

Wannan matsala babu hoton tallan da yake ambatarta. Firintocin rasit suna da jerin haruffan da aka saka musu a ciki, kamar wanda ake kira `PC437`, kuma irin waɗannan tsofaffin jeri ba su ƙunshi alamar ₦ ba, ba su kuma ƙunshi ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan manhaja ta tura su a matsayin rubutu, sai alamar tambaya ko wani baƙon harafi ya fito a madadinsu. "Man gyaɗa" ya koma wani abu daban, farashi kuma ya fito da alamar tambaya a gabansa.

Mafita biyu ce. Ta farko, a saita manhaja ta rubuta N ko `NGN` maimakon ₦, a kuma rubuta sunayen kaya ba tare da ƙugiya ba. Ta biyu, a sa manhajar ta tura rasit a matsayin hoto, idan tana da wannan zaɓi. Komai zai fito yadda yake a allon waya, sai dai bugawar za ta ɗan ƙara jinkiri a kan Bluetooth.

Wadda ta dace

Ga shago irin na Mandawari, PT-210 ko wata mai irin siffofinta ita ce zaɓi. Dalilan uku ne: tana aiki ko babu wuta, tana haɗuwa da wayar da mai shago yake da ita, kuma takardarta tana nan kusa. Abubuwan da Epson ta fi ta da su, wato sauri da wuƙa da faɗin layi da juriya, gaskiya ne, amma wannan shago ba zai more su ba, ga shi kuɗinta ya ninka na ƙaramar sau da dama tun kafin a zo batun inbata.

Mai saye ya san abin da ya rasa. Ƙaramar ba ta da ramin da ake jona durowar kuɗi mai buɗewa da kanta, wanda Epson take da shi. Batirinta zai raunana da tafiyar lokaci, alamarsa kuma ita ce rubutu ya riƙa fitowa dishi-dishi ko ta mutu a tsakiyar rasit. Jikinta roba ce mara nauyi, faɗuwa ɗaya daga kanta tana iya karya murfin. Shawarar tana juyawa zuwa Epson idan shago yana da kwamfuta da inbata, yana fitar da rasit ɗaruruwa a rana, ko sunayen kayansa dogaye ne.

Gwajin minti biyar kafin a biya

Idan a hannu za a karɓa, a saka takarda, a danne maɓallin `FEED`, sannan a kunna firintar ba tare da an saki ba. Yawancin firintocin rasit za su fitar da takardar gwaji mai ɗauke da sunan samfuri da saitunanta, a masu Bluetooth kuma galibi har da lambar haɗawa. A kwatanta abin da ya fito da abin da hoton talla ya ce.

Sannan a duba rubutun da kyau. Farin layi siriri da ya ratsa takardar daga sama zuwa ƙasa yana nufin wani ɗigo a kan firintar ba ya aiki. Wani lokaci ƙura ce, wadda take yawa lokacin hunturu, kuma auduga da ɗan sifirit suna cire ta bayan an kashe firintar ta huce. Idan an goge layin bai tafi ba, ɗigon ya mutu, a nemi wata. Idan kuma takarda ta fito fara fat, yawanci an juya naɗin ne. Fuskar da take yin baƙi idan aka karce ta da farce ita ce za ta kalli kan firintar.

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci: a haɗa ta da wayar mai shago, ba ta dillali ba, a fitar da rasit daga manhajar da ake ciniki da ita, mai ɗauke da suna mafi tsawo a cikin kayan shagon da kuɗi mafi yawa da aka taɓa rubutawa. A zare cajar kuma a sake bugawa sau uku a jere da batir kaɗai. Idan duk ukun sun fito baƙi ƙirin kuma jimillar ta zauna a layinta, sai a biya kuɗi.